Ruɓewar Kofato a Tumaki da Awaki: Inda Wuƙa Take da Amfani da Inda Take Ƙara Ciwo

A ƙasar Kabi, daga fadamun Argungu da Birnin Kebbi zuwa Bunza da Suru, har can kudu wajen Yawuri da Zuru inda ruwan sama ya fi yawa, ɗingishin tumaki da awaki abu ne da yake da lokacinsa. Yakan fara bayyana ne idan damina ta kankama, ya yi ƙamari a watan Agusta lokacin marka, sannan ya lafa idan kaka ta shigo ƙasa ta bushe. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Da zarar an yi shuka, dole mai dabba ya ɗaure dabbarsa don kada ta yi wa mutane ɓarna a gona, sai tunkiyar da ta saba yin nisan kiwo a kan busasshiyar ƙasa ta koma tsaye wuri ɗaya a turke, wata uku ko huɗu, ƙafafunta cikin caɓin da ya haɗa ruwan sama da fitsari da kashi da ragowar ciyawa. A nan ne ruɓewar kofato take samun gindin zama, a nan ne kuma yawancin masu kiwo suke ɗauko wuƙa ko reza su hau fiƙe kofaton dabbar da ke ɗingishi, da kyakkyawar niyyar cewa sai an buɗe wurin an cire ruɓaɓɓen abin sannan za ta warke. Abin da nake so in fayyace shi ne, gyaran kofato aiki ne daban, maganin ruɓewar kofato kuma aiki ne daban, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne yake sa dabbobi da yawa daɗewa cikin wahala.

Sai an san yadda kofaton yake kafin a fahimci dalili. Kowace ƙafar tunkiya ko akuya tana da kofato biyu, a tsakaninsu akwai tsagi mai laushin fata wadda babu gashi sosai a kanta. Kowane kofato yana da bango mai tauri da ya kewaye shi ta waje, da tafi a ƙasa wanda bai kai bangon tauri ba, da dunduniya a baya wadda ta fi su laushi. A ƙarƙashin wannan tauri duka akwai nama mai rai, cike da jijiyoyin jini da na jin zafi, kuma tsakaninsa da waje, musamman ta tafin, 'yan milimitoci ne kawai. Lamarin ya yi kama da farcen mutum: inda ya zarce yatsa ana yanke shi ba a ji komai ba, amma idan aka shiga cikin naman sai jini da raɗaɗi. Bangon yana tsirowa ne daga sama, daga inda gashi ya ƙare, yana saukowa da kimanin milimita uku zuwa biyar a wata. Dabbar da ke yawo a kan tsakuwa da fako tana goge abin da ya tsiro da kanta, shi ya sa tumakin Fulani da ke bin shanu ba kasafai suke buƙatar gyaran kofato ba. Dabbar da aka ɗaure a kan ƙasa mai laushi kuwa, kofatonta yana tsirowa babu abin da ke cinye shi.

Ita cutar kanta ƙwayoyin cuta iri biyu ne suke haɗuwa su haddasa ta. Ta farko, wadda masana ke kira Fusobakteriyom nekroforum, ana samun ta a cikin kashin dabbobi, kuma da wuya a rabu da ita. Ta biyu, Dikelobakta nodosus, ita ce ainihin mai laifin, kuma halinta guda biyu su ne mabuɗin dukkan maganin. Hali na farko shi ne ba ta da mazauni na dindindin sai ƙafar dabba. Idan ta faɗo ƙasa ba ta daɗewa, a mafi yawan yanayi ba ta wuce mako biyu, kuma a busasshen wuri mai rana ba ta kai ko kusa da haka. Hali na biyu shi ne tana fitar da wani sinadari da yake narkar da abin da ya manne kofato da naman da ke ƙarƙashinsa. Lafiyayyar fata busasshiya ba ta barin ta ta shiga. Sai fatar tsagin ta jiƙe kwana da kwanaki ta yi laushi, ko ƙaya ko tsaida ko karan dawa ya ƙarje ta, ko kaska ta kama a wurin, sannan ƙofa ta buɗe. Abin da wannan yake nufi ga mai kiwo shi ne, damina da caɓi suna shirya ƙafa ne kawai, cutar kuwa wata dabba ce take kawo ta, ko dai sabuwar da aka sayo daga kara, ko kuma tsohuwar cikin gida wadda ta ɗauke ta tun bara ta ɓoye ta a wani ɗan rami cikin kofatonta duk tsawon rani.

Ba kowane ɗingishi ne ruɓewar kofato ba, don haka matakin farko shi ne a kama dabbar a ɗaga ƙafar a wanke ta da ruwa a duba, a kuma duba sauran ukun. Idan fatar tsagin ta yi ja ko ta yi fari-fari da danshi kamar wadda ta daɗe a ruwa, gashin wurin ya zube, amma kofaton yana nan manne da namansa, to cutar tana matakin farko, kuma a wannan mataki ta fi sauƙin magani ƙwarai. Idan kuwa an ga tafin ya fara ɗagowa daga wajen dunduniya ta ɓangaren tsagin, aka danna da babban yatsa aka ji ya rabu da abin da ke ƙasa, ga wani abu mai launin toka kamar dusar da ta jiƙe a ƙarƙashinsa, ga kuma ɗoyin da duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mancewa, to ruɓewar ta kama sosai. Daga dunduniya take bi ta ƙarƙashin tafin zuwa gaba, idan aka ƙyale ta har ta kai ga bangon waje. Dabbar da ƙafafunta na gaba biyu suka kamu za a gan ta tana cin abinci a durƙushe bisa gwiwoyinta, wadda ta fi jin jiki kuma ba ta son tashi ko kaɗan.

Akwai abubuwan da suke kama da ita waɗanda maganinsu ya bambanta. Idan ƙafa ɗaya ce kawai, kofato ɗaya ya yi zafi ya kumbura daga sama, babu ɗoyin nan, wani lokaci mugunya na ɓullowa ta inda gashi ya haɗu da kofato, to wannan ƙurji ne a cikin kofato, galibi daga ƙaya ko tsakuwar da ta shige. Idan ragon turka ne da aka cika masa dusa da hatsi farat ɗaya, ya wayi gari yana taka ƙafafunsa huɗu da kyar, kofatan da ɗumi amma tsagin lafiya lau, to matsalar daga ciki take, abincin ne ya yi masa yawa, kuma gyaran ciyarwa ne maganinsa. Idan kuma dabbobi da yawa suka fara ɗingishi cikin kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi da ƙuraje a baki ko a saman kofato, musamman idan shanun unguwar ma suna dalalar da miyau, to a yi zargin ciwon baki da kofato, a daina fitar da dabbobin, a kira likitan dabbobi. Wani lokaci ma busasshen taɓo ne kawai ya maƙale a tsagin, ana cire shi ɗingishin ya tafi.

Yanzu sai batun wuƙa. Hujjar masu fiƙe kofaton da ya ruɓe tana da tushe, domin gaskiya ne ƙwayar cutar ba ta son iska, sai aka ɗauka cewa idan aka yanke duk abin da ya rufe ta iska za ta kashe ta. Shekaru da yawa likitocin dabbobi da kansu haka suka koyar. Amma da masu bincike a Jami'ar Warwick ta Ingila suka gwada abin a kan tumaki masu cutar, suka wallafa sakamakon a shekarar 2010, sai aka ga tumakin da aka yi wa allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da an taɓa kofatonsu ba sun fi saurin warkewa, fiƙewar kuma jinkirta warkewa ta yi, ko an haɗa ta da allurar ko ba a haɗa ba. Idan aka yi tunani, abin ba mamaki ba ne. Kofaton da ya ɗago, duk da ya lalace, shi ne kaɗai murfin da ya rage wa ɗanyen naman da ke ƙasa. Idan aka cire shi, dabbar za ta taka wannan naman kai tsaye a kan caɓin da ya jawo mata ciwon tun farko. Ga shi kuma a ƙafar da ta ruɓe ba a iya gane inda matacce ya ƙare mai rai ya fara, don haka da wuya a gama ba a fitar da jini ba. Inda aka yanki naman a bakin kofato, sau da yawa wani jan tsiro mai kama da ɗanyen nama yakan fito, mai zubar da jini da an taɓa shi, wanda yake hana sabon kofato rufe wurin, kuma yana iya barin dabba da gurguntar da ba ta warkewa. Sannan wuƙar da aka yanki ƙafa mai cutar da ita tana ɗauke da ƙwayar zuwa ƙafa ta gaba, ɓarɓashin da ya zube a ƙasa shi ma haka.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da yake ƙarfafa al'adar. Mutum yakan ga dabba mai ɗingishi da dogon kofato, sai ya ce tsawon kofaton ne ya jawo ɗingishin. Sau da yawa akasin haka ne: ciwon ne ya hana ta taka ƙafar, rashin takawar ya hana kofaton gogewa, kumburin kuma ya sa shi saurin tsirowa. Idan ciwon ya warke ta koma takawa, a dabbar da ke fita kiwo kofaton yakan daidaita da kansa cikin makonni. Wuri ɗaya da nake ganin ya halatta a taɓa ƙafa mai ruɓewa da almakashi shi ne inda wani ɓangare ya riga ya rabu yana reto, yana kama ciyawa yana fizgar naman, ko inda tsutsa ta shiga ƙarƙashi ba a iya kai mata sai an ɗage murfin. Ko a nan ma abin da ya riga ya rabu kaɗai za a datse, ba za a bi ciwon ana tono ba.

A ɗauki misalin wani gida a gefen fadamar Argungu a tsakiyar watan Agusta, mai tumaki da awaki goma sha biyu a ɗaure a bayan gida. An sayo wata tunkiya a kara makonni uku da suka wuce aka haɗa ta da sauran a ranar, yanzu dabbobi biyar suna ɗingishi. Da aka duba ƙafafun dukkan goma sha biyun, sai aka tarar wani ragon Uda da sabuwar tunkiyar nan kofatonsu ya ɗago yana ɗoyi, jajayen awaki uku kuma fatar tsaginsu ce kawai ta yi ja da danshi, sauran bakwai lafiya. Abin da za a fara yi, tun kafin a nemo magani, shi ne a raba su. Biyar ɗin a mayar da su wuri mafi tudu da bushewa a gidan, bakwai ɗin ma a kafa musu sababbin turaku a inda ba a ɗaure dabba ba cikin makonni biyun da suka wuce, a zuba yashi a ƙasa, a haƙa 'yar magudana don ruwa ya daina kwanciya. Tsohon wurin a kwashe takinsa a kai gona, a bar shi babu dabba har mako biyu, rana da iska su yi aikinsu.

Ragon da tunkiyar su ne masu buƙatar allura, domin cutar ta shige ƙarƙashin kofato inda maganin shafawa ba ya isa. Oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wanda makiyaya suka fi sani da teramaisin, ana ba da shi ne a kan miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin dabba. Kwalbar da ta fi yawa a kasuwa tana ɗauke da miligiram 200 a kowace mililita, wato kashi 20 cikin ɗari, don haka lissafin ya zama mililita ɗaya ga kowane kilo goma. Idan ragon ya kai kilo 45, rabonsa mililita huɗu da rabi ne, tunkiyar kuma idan kilo 30 ce, mililita uku. Dole a karanta jikin kwalbar, saboda akwai mai kashi 5 da mai kashi 10 cikin ɗari waɗanda ba masu dogon aiki ba ne, kuma wanda ya yi lissafin waccan da wannan ya ba dabbarsa rabi ko rubu'in abin da take buƙata. Nauyin ma kada a yi shi da ido kawai idan akwai hali: mutum ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da dabbar, a cire na farko daga na biyu. Ana yin allurar ne cikin tsoka, an fi son tsokar wuya a gaban kafaɗa, kuma ba a zuba fiye da mililita biyar a wuri ɗaya. Wanda bai iya allura ba ya kira malamin dabbobi ya yi masa, domin allurar cinya da aka yi ba daidai ba tana iya taɓa babbar jijiya ta gurgunta ƙafar da take lafiya. Bayan allurar a wanke ƙafafun huɗu, a bari su tsane, a fesa musu maganin feshi na oksitetrasaikilin, mai launin shuɗi ko shunayya, har cikin tsagin, sannan a tsayar da dabbar a busasshen wuri sai ya bushe.

Abin da ake sa ran gani shi ne, cikin kwana uku zuwa biyar ragon ya fara ɗora ƙafar a ƙasa, ɗoyin ya ragu, wurin ya fara bushewa, zuwa kwana goma kuma yawancin waɗanda aka kama da wuri sun daina ɗingishi, ko da kofaton bai gama komawa siffarsa ba. Munin kofaton a wannan lokaci ba alamar rashin warkewa ba ne, tafiyar dabbar da bushewar wurin su ne ma'auni. Idan bayan mako biyu har yanzu yana ɗingishi, a sake dubawa tare da likita, domin ko dai maganin bai kai adadi ba, ko an mayar da shi cikin caɓi, ko kuma tun farko ba ruɓewar kofato ba ce. Saurin farawa yana da tasiri babba, shi ya sa ake ba da shawarar a yi wa dabba magani cikin kwana uku da fara ɗingishinta, tun kafin ciwon ya yi zurfi kuma tun kafin ta watsa ƙwayar a duk inda ta taka. Akwai kuma amanar da ke kan mai kiwo: maganin yana daɗewa a jikin dabba, kuma an rubuta a kwalbar kwanakin da za a jira kafin a ci namanta ko a sha nononta, wanda ga mai dogon aiki na naman yakan kai makonni uku zuwa huɗu ko fiye. Wanda yake turkar rago don layya ko suna ya yi wannan lissafin kafin ya soka allura, wanda zai sayar kuma ya gaya wa mai saye.

Awakin nan uku ba sa buƙatar allura. Feshin kaɗai yakan wadatar idan aka yi shi a kan wankakkiyar ƙafa aka kuma ajiye su a busasshen wuri. Amma tun da cutar ta riga ta shiga gidan, ya dace a yi wa garken duka wankan ƙafa, kuma maganin da na fi amincewa da shi a nan shi ne zinki salfet, wani farin gari mai narkewa a ruwa. Ana haɗa shi kashi 10 cikin ɗari, wato kilo ɗaya a lita goma na ruwa, don haka kilo biyu zai yi lita ashirin, abin da zai ishi ƙaramin garke irin wannan. A ɗan zuba sabulun ruwa ko garin wanki kaɗan don maganin ya ratsa kofaton. A zuba a bahon roba mai faɗi, zurfin ruwan ya kai kimanin santimita biyar zuwa shida yadda zai rufe kofaton har inda gashi ya fara. A fara wanke taɓon ƙafafun a wani bahon na ruwa zalla, saboda ƙazanta tana rage wa maganin ƙarfi, a kuma fara da lafiyayyun sannan masu ciwon. Sirrin zinki salfet shi ne tsayuwa a cikinsa: dabba mai ciwo ta yi minti goma sha biyar zuwa talatin, ba a tsoma a cire ba. Bayan an fito da ita ta tsaya a kan siminti ko busasshen yashi na rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan aka fito da ita aka mayar cikin caɓi nan take, to an yi asarar maganin da wahalar. Ana maimaitawa bayan kowane mako har sau uku, kuma a zaɓi ranar da hadari bai haɗu ba.

Akwai wasu magungunan wankan guda biyu da ake samu, kowanne da haɗarinsa. Kofa salfet, wani sinadarin tagulla mai launin shuɗi, yana aiki, amma tumaki ba sa jure tagulla a jikinsu, tunkiyar da ta sha ruwansa tana iya mutuwa, kuma yana cin bahon ƙarfe. Fomalin kuma ba a wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ratsawa kawai dabba take yi ba ta tsayawa, yana da raɗaɗi ƙwarai a kan buɗaɗɗen ciwo, yana busar da kofato har ya tsage idan aka yawaita, tururinsa kuma yana cutar da mai aikin. Baƙin mai da kalanzir da ruwan batir da wasu ke zubawa kuwa, ina roƙon a bar su gaba ɗaya, domin ƙona naman suke yi, baƙin man kuma ya toshe wurin ya hana shi shan iska. Ruwan bagaruwa yana ɗan busar da fatar da ta jiƙe, amma ba ya kaiwa ƙarƙashin kofaton da ya ɗago, don haka kada a dogara da shi a bar allura.

To yaushe ne gyaran kofato yake da wuri? Yana da wuri a lafiyayyar ƙafar da kofatonta ya zarce, kuma hakan ya fi faruwa ga ragunan turka da suka yi watanni a ɗaure, da awakin cikin gari da ba sa fita. Alamarsa ita ce bangon ya yi tsawo ya naɗe ya rufe tafin, taɓo da kashi suna taruwa a ƙarƙashin naɗin, ko bakin kofaton ya miƙe gaba ya lanƙwashe sama har dabbar tana takawa da dunduniya. Wannan yana karkatar da gaɓoɓi, naɗin kuma yana riƙe danshi. Abin da ya dace shi ne a riƙa dubawa duk bayan wata biyu ko uku, a gyara wadda take buƙata kawai, a ƙyale sauran. Lokacin da ya fi dacewa a yi wa garke wannan dubawar shi ne ƙarshen bazara, bayan ruwan farko ya ɗan tausasa kofato amma kafin a shiga ɗaurin damina. A tsakiyar rani kofato yana yin tauri ƙwarai, sai an tsayar da dabbar a ruwa ko jiƙaƙƙen buhu na ɗan lokaci kafin almakashi ya ci.

Tunkiya ana zaunar da ita ne a kan ɗuwawunta, bayanta jingine da ƙafafun mai aikin, a haka takan natsu. Akuya ba ta yarda da wannan zaman, gara a ɗaure ta gajere a jikin bango ko turke, a tsaya a gefenta a ɗaga ƙafar a lanƙwasa gwiwar yadda tafin zai kalli sama. Dabbar da cikinta ya tsufa a jinkirta mata sai ta haihu. Almakashin kofato, ko irin wanda ake datse reshen itace da shi, ya fi wuƙa aminci, domin wuƙa tana zamewa idan dabba ta fizge, ta yanki dabbar ko mai riƙon. Ana fara kwakule ƙazantar da ke ƙarƙashin naɗin da tsinke har a ga tafin sosai. Sannan a datse bangon da ya naɗe, kaɗan-kaɗan daga dunduniya zuwa gaba, a bar shi ya ɗan fi tafin tsawo da kimanin milimita biyu, saboda bangon ne ya kamata ya ɗauki nauyin dabbar. Bakin kofaton a rage shi da ƙananan yanka, kada a guntule shi a yanka ɗaya, domin a nan ne naman ya fi kusa kuma a nan ne jan tsiron nan yake fitowa. Tafin ba a fiƙe shi sai abin da yake ɓarewa da kansa, dunduniya kuma sai idan ta yi tudu sosai. Da zarar farin wurin da ake yanka ya fara komawa ruwan hoda, an iso kusa da jini, sai a tsaya. Ma'aunin kyakkyawan aiki shi ne ƙasan kofaton ya yi daidai da layin da gashi ya ƙare a sama, kofatan biyu kuma su zama tsawo ɗaya. Kofaton da ya yi shekara ba a taɓa shi ba, ba a gyara shi a zama ɗaya, a rage wani abu yau a dawo bayan makonni uku ko huɗu. Idan jini ya fita, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle, a fesa maganin feshi, a ajiye dabbar a busasshen wuri kwana biyu. Almakashin a tsoma shi a ruwan bilic ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin dabba da dabba, ɓarɓashin kuma a tattara a ƙona.

A gidan nan na Argungu, wannan yana nufin ragon ba za a taɓa kofatonsa da almakashi ba sai bayan ya warke ya yi makonni yana takawa, sannan a duba ko akwai abin da ya zarce a daidaita. Ita kuwa tunkiyar da ta kawo cutar, a sa mata alama a riƙa lura da ita. Idan ta warke ta sake kamuwa, aka yi mata magani ta kuma kamuwa a karo na uku, ko kofatonta ya nakasa ya yi ramuka, to ita ce ma'ajiyar da za ta sake rarraba cutar kowace damina, kuma saurin kamuwa yana bin jini zuwa 'ya'ya. Shawara mai wuya ce ga wanda dabbarsa ita ce ajiyarsa, amma abin da ya fi shi ne a fitar da ita ta hanyar yanka bayan kwanakin maganin sun cika, kada a kai ta kara wani ya saya don kiwo. Duk sabuwar dabbar da za ta shigo gidan daga yanzu, a ɗaga ƙafafunta huɗu tun a gaban dillali kafin a biya kuɗi, idan an kawo ta a yi mata wankan zinki salfet, a ɗaure ta nesa da sauran har kwana 28, a sake duba ƙafafun kafin a haɗa su. Ragon da ake arowa don barbara shi ma wannan ƙa'idar ta hau kansa. Rani kuma, lokacin da ƙasa ta bushe ƙwayar ba ta iya yaɗuwa, shi ne lokacin da ya fi dacewa a bi ƙafafun garken ɗaya bayan ɗaya a nemo masu ɓoye cutar a yi musu magani ko a fitar da su, domin a watannin Maris da Afrilu ƙwayar ba ta da wata mafaka a gidan sai cikin kofatan waɗannan 'yan dabbobin.